Yadda muka tsara sanarwar tara abincin azumi a masallacinmu

Ni aka ɗora wa rubuta sanarwar tara abinci ta masallacin unguwarmu a Kano, kuma tun tsakiyar Sha'aban na zauna da liman da ladan muka tsara ta. Liman ya ce a rufe karɓa ranar goma ga azumi. Na so a ƙara kwanaki, sai ya ce, "Malam, hannun mutane a goman marmari yake sake. In aka shiga goman wuya mabukaci ya riga ya jigata, a goman ƙarshe kuwa hankalin kowa ya koma ɗinkin sallah." Haka aka yi.

Ba mu sa ƙarfe kaza ba, da salla muka ɗaure lokaci, domin da ita mutane ke lissafi a watan. Maza su kawo ƙofar masallaci bayan La'asar zuwa tashi daga tafsiri, ko bayan asham. Mata kuma muka ware musu makarantar Islamiyya da hantsi, malamai mata biyu na karɓa. Wannan ya fi komai amfani. Da yamma mace tana gindin murhu, ga kunu ga ƙosai, ba za ta fito ba. Kuma mai kwano ɗaya a ƙarƙashin hijabi ba ta son ratsa taron maza da shi. Kusan duk tsamiya da sukarin da muka samu ta wannan ƙofa suka shigo.

Mun rubuta abin da ake so ƙarara: gero, shinkafa, wake, sukari, man gyaɗa, dabino. Ban da dafaffen abinci. Wanda ya kawo masara mun roƙe shi ya haɗa da kuɗin surfe da niƙa, don gidan da ba su da na cefane ba su da na kai wa inji. Kowane buhu sai an zura hannu har cikinsa an damƙo. In gari ya biyo hannu ko waken ya yi huji, ƙwari sun shiga, sai a ware shi a fara rabawa kafin ya shafi sauran. Buhun gero kwano 40 ne, a kwano huɗu-huɗu gida goma ke nan, kuma da wannan lissafin muke sanin ko sunayen da mai unguwa ya ba mu sun fi ƙarfin abin da ke ɗaki.

Layi na ƙarshe a sanarwar ya ce wannan sadaka ce, ba zakkar fidda kai ba. Ita zakkar mudun Annabi huɗu ce a kan kowane mutum, ana fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin sallah, ko da safe kafin a tafi idi. Duk da haka sai da dattawa uku suka kawo tasu a makon farko, muka yi musu bayani, suka bar hatsin a matsayin sadaka.