Jimlar da Na Yanka Ranar 29 ga Janairu

Ranar Lahadi ce, 29 ga Janairun 2023, ni ke da karatun labaran yamma a gidan rediyon da nake aiki. Saura kamar minti ashirin in shiga situdiyo aka ajiye mini takarda mai zafi, an ƙara wa'adin tsofaffin kuɗi. Yaron da ya fassara labarin sabo ne, kuma ya yi abin da sababbi ke yi, ya bi sanarwar sawu da ƙafa har ya haifi wannan:

"Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele, wanda ya gana da Shugaba Muhammadu Buhari a Daura, ya bayyana cewa an ƙara wa'adin daina amfani da tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda a da aka tsayar a ranar 31 ga Janairu, da kwana goma zuwa 10 ga Fabrairu, inda bayan nan za a ba da ƙarin kwana bakwai zuwa 17 ga watan ga waɗanda ba su samu mayar da nasu ba domin su kai su Babban Bankin, kasancewar a lokacin sun daina zama halastattun kuɗi."

Kalma fiye da tamanin ba aya ko ɗaya. Babu ƙarya a ciki, duk abin da ya rubuta haka yake. Amma ku gwada karanta ta da ƙarfi. Ni numfashina ɗaya a gaban makirufo yana ɗaukar kalma goma sha biyu zuwa sha biyar, in ya wuce haka murya ta fara sirancewa, mai sauraro ya ji kamar ana kora ta. Wannan kuwa kafin ka kai Daura iska ta ƙare, alhali ba ka ma faɗi abin da ya faru ba.

Na ɗauki biro na yi abin da na saba. Wurin yanka a jimlar Hausa ba ɓoyayye ba ne, gaɓoɓinta a fili suke: duk inda ka ga "wanda", "inda", "yayin da", "lamarin da ya sa", "kasancewar", to nan aka ɗinke zance biyu, nan wuƙa za ta shiga. Na zagaye su, na samu huɗu. Na yanka, na gyara bakin kowane yanki, cikin minti biyar na gama. Ga abin da na karanta wa jama'a:

"An ƙara wa'adin tsofaffin takardun naira zuwa 10 ga Fabrairu. A da an tsayar da 31 ga Janairu. Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, shi ya sanar da haka bayan ya gana da Shugaba Buhari a Daura. Ya ce an kuma ba da ƙarin kwana bakwai, zuwa 17 ga Fabrairu, ga waɗanda ba su samu mayar da nasu ba."

Ya zauna a baki daram. Na fito ina jin daɗi, har na kira yaron na nuna masa yadda ake yi. Wannan kiran har yau yana ci mini rai, domin nasa mai sarƙaƙiyar ya fi nawa gaskiya.

Ku koma ku duba wutsiyar jimlarsa. Kwana bakwai ɗin nan ba na ciniki ba ne. Daga 10 ga wata kuɗin sun daina aiki, abin da ya rage wa mai su kawai ya kai su Babban Banki, ba bankin unguwarsu ba, ba kuma shagon mai shinkafa ba. Wannan sharaɗi yana rataye ne a "domin su kai su Babban Bankin" da "kasancewar". Ni da na yanka a kan "kasancewar", sai yankin ya tsaya shi kaɗai, ya yi mini kama da ƙarin bayani, lokaci kuma yana tafiya, na ja masa layi. "Babban Bankin" ma na cire shi don na riga na ambace shi a jimlar baya, ba na son maimaici. Abin da ya rage a kunnen mutane shi ne kwanan wata biyu, na ƙarshensu 17. Kunne kuwa ba ya komawa baya kamar ido. Abin da ya ji a ƙarshe shi yake tafiya da shi gida.

Ban san na yi ɓarna ba sai bayan mako biyu, da kawuna ya bugo mini waya daga ƙauye. Hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye ya kawo Dawanau. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba.

"Kai, ba kai ka ce sha bakwai ba?"

Na ce, "Kawu, sha bakwai ɗin na masu kaiwa Babban Banki ne."

Ya ce, "Ba ka faɗi haka ba. Da kunnena na ji ka. Mutane suna ce mini goma, ina ce musu ɗana ne ya karanta, ya fi ku sani."

Ya ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har bayan 10 ga wata, lokacin da maƙwabtansa a kasuwa suka daina. Duk mai neman inda zai sauke nasa sai ya nufo rumfar kawu. Da ya tashi sayen kaya aka ƙi karɓa, banki ma ya ƙi. Kuɗin ba su mutu ba a ƙarshe, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da amfani da su har ƙarshen shekarar. Amma jarinsa ya kwanta a buhu kusan wata guda, kasuwa tana ci ba da shi. Wannan kawu ne, yana da lambata. Waɗanda ba su da ita fa?

Na nemo takardar a fayil na zauna da ita. Yankan kansa ba laifi, wuraren da na sa wuƙa daidai ne. Abin da ban yi ba shi ne tambayar me kowace gaɓa take riƙe da shi kafin in datse ta. "Wanda ya gana da Shugaba" ba ta riƙe komai, ado ce, ka kai ta ko'ina ko ka zubar. Amma "kasancewar", "sai dai", "muddin", "in ban da", "matuƙar", waɗannan igiya ce da ta ɗaure zance biyu, ɗaya ba ya zama gaskiya sai da ɗayan. In ka tsinka igiyar, dole ka sake ɗaurawa da wata a farkon jimla ta gaba, "amma" ko "sai dai fa", kuma jimlar nan ta biyo nan take, kada sunan wani ko muƙaminsa ya shiga tsakani. Ni igiyar na tsinka na jefar da abin da ke ɗaure a jikinta.

Ga yadda ya kamata a ce na karanta:

"An ƙara wa'adin tsofaffin takardun naira da kwana goma. Yanzu za su daina aiki ne ranar 10 ga Fabrairu. Takardun su ne na naira 200 da 500 da 1,000. Wanda ranar ta wuce da sauran kuɗi a hannunsa, ba zai iya ciniki da su ba. Sai dai ya kai su Babban Banki, shi ma cikin kwana bakwai. Gwamnan bankin, Godwin Emefiele, shi ya sanar da haka a Daura. A sake ji: ranar ƙarshe ta ciniki da tsofaffin kuɗi, 10 ga Fabrairu."

Ya fi na farko tsawo da daƙiƙa goma ko sha biyar, kuma su na yi wa rowa a ranar. Ku lura 17 ba ta fito ba sam, "cikin kwana bakwai" ta ɗauke ta, don kada kwanan wata biyu su yi kokawa a kunne ɗaya. 31 ga Janairu ma na bar ta, kowa ya san ta a lokacin. Na kuma maimaita 10 a ƙarshe, abin da malamin insha'i zai ja wa jan biro, amma mai sauraro yana tuƙi ne ko yana awo, ba zai ce a dawo masa baya ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kama sababbi wajen gyaran bakin yanki, su ma sai an kula. In ka ciro zance daga ƙarƙashin "wanda" ko "da", aikatau ɗinsa yana sauya riga: "aka tsayar" ya koma "an tsayar", "suka kai" ya koma "sun kai", "yake" ya koma "yana". Wanda ya manta sai ka ji jimlarsa tana reto kamar ba a ƙarasa ba. Mafi wuya shi ne "ya", domin a rubutun boko kamanninsa ɗaya. A "wanda ya gana" gajere ne, a "Ya gana da Shugaba" kuwa sai an ja shi, takarda ba za ta gaya maka ba, sai bakinka. Haka "ba" da 'yar uwarta ta ƙarshe: kada aya ko numfashi ya raba su da nisa, domin in kalma ashirin ta shiga tsakaninsu mai sauraro ya manta ana korewa ne. Sai kuma "ya ce" bayan an ambaci maza biyu. A karatuna na ranar ma akwai shi: na ce Emefiele ya gana da Buhari, na bi da "Ya ce". Wa ya ce? Yanka yana haifar da wakilin suna da yawa, kowanne kuma sai ka tabbatar mutum ɗaya kawai zai iya komawa gare shi.

Waɗannan duka na san su tun kafin ranar, kuma ba su suka kayar da ni ba. Santsin da karatun ya yi a bakina shi ya rufe mini ido. Na gwada shi da numfashi ya wuce, ban gwada shi da ma'ana ba.

Yanzu in na yanka jimla mai wa'adi ko kuɗi ko sharaɗi, ba na shiga situdiyo sai na karanta wa wanda bai ga asalin ba, galibi mai gadinmu ko direba, sau ɗaya tak, da saurin da zan karanta a iska. Ba na tambayarsa ko ya gane, don zai ce ya gane. Cewa nake, "Baba, in kai ne yaushe za ka daina karɓa?" In amsarsa ta saɓa wa takardar asali, na koma tebur. Sannan in jera tsohuwar jimlar da sababbin gefe da gefe, duk abin da na ja wa layi in sake karanta shi da ƙarfi kafin in yarda ya tafi.

Yaron nan na same shi daga baya na gaya masa abin da ya faru, na ce wutsiyar da na yanke masa ita ce labarin. Kawu kuwa da na je gaishe shi da ƙaramar salla ya karɓe ni lafiya, bai tayar da maganar ba. Amma ƙanena ya gaya mini in ya ji sanarwa a bakina yanzu, sai ya murɗa wata tasha ya sake ji.