Idan ƙ ta koma alamar tambaya, ta tafi ke nan

Ƙannena masu rubuta Hausa a kwamfuta, akwai kuskuren da na yi wanda ya cinye mini aikin makonni, kuma ba na son ya same ku. Na daɗe ina tara kalmomin Hausa da misalan jimloli a Excel, layi bayan layi, sai wanda zai karɓi aikin ya ce in turo masa a matsayin CSV, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa. Na danna Save As, na zaɓi CSV (Comma delimited), wani gargaɗi ya fito na wuce shi ban karanta ba. Da na ga fayil biyu masu suna ɗaya, sai na goge na asalin don kada su rikita ni. Washegari na buɗe, na tarar da ?asa, ?aki, ?arawo, ba?o. Babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ ko ɗaya da ta tsira.

Abin da na fara zargi shi ne salon rubutu, na yi ta sauya shi, alamar tambaya na nan daram. Ban san cewa ciwon ba a fuskar harafi yake ba, a lambarsa yake.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. A tsarin Unicode kowane harafi yana da tasa: k ita ce U+006B, ƙ kuwa U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ U+01B4. Amma idan za a rubuta lambar nan cikin fayil, dole a bi wata ƙa'ida ta mayar da ita bayit-bayit, wato ƙananan gurabe da kwamfuta ke ajiye bayani a ciki, kuma ƙa'idojin ba ɗaya ba ne. Wadda fayil ɗina ya faɗa ciki ita ce Windows-1252, wadda wasu manhajoji ke kira ANSI. Bayit ɗaya take ba kowane harafi, bayit ɗaya kuwa gurbi 256 kawai gare shi. An raba guraben nan ga haruffan Turanci da na harsunan Yammacin Turai, irin su é da ñ da ß, babu wanda aka ware wa haruffanmu masu ƙugiya. To da Excel ya iso kan ƙ ya nemi gurbinta ya rasa, sai ya rubuta lamba 63 a madadinta, wato alamar tambaya ta gaske, irin wadda kake bugawa a ƙarshen jimla.

Nan ne zancen yake da ɗaci. Duk haruffan huɗu, manya da ƙanana, lamba ɗaya suka koma. Fayil ɗin bai riƙe wata shaida ta abin da ke wurin a da ba, don haka babu manhajar da za ta dawo da shi. Mai jin Hausa ne kaɗai zai zauna ya karanta ya cike, shi ma ba ko'ina ba. Na ci karo da ?ari a layin da babu jimla kusa da shi: ɗari ne, ƙari ne, ko ɓari? Na ga ?an kasuwa: ɗan kasuwa guda ne, ko ƴan kasuwa masu yawa, tunda da ƴ na rubuta jerin? Irin waɗannan sai da na koma takardun da na kwafo su. Sannan na ƙara wa kaina wahala da na ce a sauya duk ? da ƙ a lokaci guda, ban san cewa a akwatin bincike na Excel ? tana nufin kowane harafi ba. Shafin gaba ɗaya ya cika da ƙ. Undo ne ya cece ni. Mai neman alamar tambayar kanta sai ya rubuta ~? a akwatin.

Daga baya na fahimci cewa ɓacin rubutu iri-iri ne, kuma kamanninsa na gaya maka ko akwai sauran fata. Wanda ya fi tsoratarwa a ido shi ne ya fi sauƙin magani. Wata rana aka turo mini fayil na buɗe na ga Æ™asa a wurin ƙasa, É—aki a wurin ɗaki. Wannan lafiyarsa ƙalau. An ajiye shi da UTF-8, tsarin da ke iya ɗaukar duk haruffan Unicode, kuma a cikinsa ƙ bayit biyu ce, C6 da 99. Manhajar da ta buɗe shi ta ɗauka Windows-1252 ne, ta karanta kowane bayit shi kaɗai: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka ɗ, wadda take C9 da 97, ta fito É da dogon layi. Bayit ɗin suna nan yadda aka rubuta su, karatun ne ya karkace. Mai Python zai iya ganin bambancin da idonsa:

```
>>> "ƙasa".encode("cp1252", errors="replace")
b'?asa'
>>> "Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")
'ƙasa'
```

Na farko hanya ce mai tafiya ba dawowa, na biyu kuwa ana komowa. Sai dai komowar tana da iyaka. Babbar Ɓ a UTF-8 ita ce C6 da 81, shi kuwa 81 yana cikin gurabe biyar da Windows-1252 ta bari babu harafi. Wata manhajar tana riƙe shi a ɓoye, wata ta maye gurbinsa da alamar �, wato U+FFFD, idan kuma aka ajiye fayil a haka Ɓ ta salwanta. Shi ya sa idan ka ga Æ™, kada hannunka ya kai kan Save. Rufe fayil ɗin yadda ka same shi, ka sake shigo da shi ta hanyar da za ta tambaye ka tsarinsa. A Excel ana bi ta Data, sannan From Text/CSV, a File Origin a zaɓi 65001: Unicode (UTF-8).

Idan kuwa ɗan akwati ka gani a wurin harafin, galibi salon rubutun ne ba shi da zanen ƙ. Kwafi kalmar ka manna ta a wani wuri, ko ka sauya salon, za ta bayyana.

Yanzu ga yadda nake yi. Fayil na asali, mai .xlsx ko .docx, ba na taɓa goge shi, domin waɗannan suna riƙe Unicode da kansu. CSV da TXT kwafi ne kawai da nake fitarwa. Wajen fitarwa ina zaɓar CSV UTF-8 (Comma delimited), wanda sunansa ya kusa zama ɗaya da wanda ya cuce ni, don haka sai an duba da kyau. Wannan zaɓin yana sa bayit uku a farkon fayil, EF BB BF, waɗanda Excel ke gane UTF-8 da su idan an buɗe. Fayil ɗin da ba shi da su, ko da lafiyayye ne, yana iya nuna maka Æ™ idan ka danna shi sau biyu kawai.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya yaudare ni tun farko. Bayan ka ajiye, rubutun da ke gabanka yana nan da ƙugiyoyinsa, domin abin da manhaja ke riƙe da shi take nuna maka, ba abin da ta rubuta a fayil ba. Sai ka rufe ka sake buɗewa gaskiya ke fitowa. Saboda haka nake sa layin gwaji a saman kowane aiki kafin ya bi ta wata manhaja ko rumbun bayanai: ƙ ɗ ɓ ƴ Ƙ Ɗ Ɓ Ƴ. Idan aikin zai ratsa matakai uku, ina duba layin bayan kowane mataki, saboda mataki ɗaya da ba ya jin Unicode ya isa ya ɓata komai, ko da na gabansa da na bayansa UTF-8 ne. Matakin da takwas ɗin nan suka shiga ba su fito takwas ba, a nan nake tsayawa in gyara saitinsa, sannan in sake fitar da kwafi daga fayil na asali.