Yadda littafin Eberron yake karɓar baƙo a teburin wasa

A birnin Winifeg na ƙasar Kanada, da zarar watan Nuwamba ya kama, rana kan faɗi kafin mutum ya tashi daga aiki, kuma sanyi yakan kora kowa cikin gida, ta yadda baƙon da bai yi abokai ba zai iya shafe mako bai yi hira mai tsawo da kowa ba. A irin wannan yanayi ne wani abokin aikina ya gayyace ni teburinsu na Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana jan ragamar labari, sauran kowa yana taka rawar mutum guda, ana jefa dayis mai fuska ashirin domin a san ko abin da aka yi niyya ya yiwu. Duniyar da suke wasa a cikinta ita ce Eberron, wadda Keith Baker ya ƙirƙira aka fara wallafa ta a 2004, kuma littafin da suka ara mini shi ne na 2019. Abin da ya riƙe ni a littafin shi ne dabarar da yake bi wajen gabatar da yaƙi da ƙasashe da abubuwan bauta ga wanda bai san komai ba.

Tarihin yaƙin kansa gajere ne a bakin littafin. Nahiyar Khorvaire ta kasance ƙarƙashin masarauta ɗaya mai suna Galifar, mai larduna biyar: Aundair, Breland, Cyre, Karrnath da Thrane. A shekara ta 894 ta lissafinsu Sarki Jarot ya mutu, 'ya'yansa suka ƙi amincewa da wadda gado ya faɗa wa, aka shiga yaƙin da ya ci kusan shekara ɗari. A 994 wani hazo ya lulluɓe Cyre a rana ɗaya ya hallaka ta, tsoro ya kama kowa, aka yi sulhu a Thronehold a 996, inda aka amince da ƙasashe goma sha biyu. Shi kuwa wasan yana farawa ne a 998.

Wannan tazara ta shekara biyu tsakanin sulhu da farkon wasa ita ce ginshiƙin komai, domin tana nufin duk baligin da ka haɗu da shi a labarin ya rayu cikin yaƙin. Saboda haka littafin ba ya bukatar sabon ɗan wasa ya haddace jerin sarakuna da filayen daga, tambayarsa kawai yake yi abin da mutuminsa ya yi lokacin yaƙi, da abin da yaƙin ya yi masa. Har ila yau, da gangan aka ƙi bayyana musabbabin hallakar Cyre. An dai kawo zarge-zargen da mutane ke yi, ko wani makami ne ya kuɓuce, ko tarin sihirin yaƙi ne ya yi yawa, sannan aka bar wa mai jan ragama ya yanke hukunci a teburinsa.

Kowace ƙasa kuma an ba ta 'yan shafuka masu tsari iri ɗaya: babban birninta, abubuwan da aka san ta da su, shawarwari ga wanda zai fito da mutum daga cikinta, da tabon da yaƙi ya bar mata. Ba a ware wata aka ce ita ce ta mugaye ba. Karrnath ta tayar da gawawwaki ta mayar da su sojoji, amma an nuna cewa yunwa da annoba ne suka kai ta ga haka, kuma sarkinta Kaius na Uku yana cikin masu riƙe da sulhu. Thrane, wadda malaman addini ke mulka, tana da mutane masu sadaukar da rai don kare talaka, tana kuma riƙe da birnin Thaliost da ta ƙwace daga Aundair.

Ni na zaɓi Cyre, kuma ba na ɓoye cewa zaman baƙunci ne ya ja ni gare ta, ko da yake ni ƙasata tana nan, kuma da ƙafata na fito. Littafin yana sa mai zaɓen Cyre ya yi tunani a kan abin da ya rasa, da abin da ya tsira da shi, da abin da yake nema yanzu. Na ce mutumina maƙeri ne daga Metrol, babban birnin ƙasar, wanda yake bakin iyaka yana gyaran makaman soja ranar da hazon ya sauka. Ya rasa matarsa da maƙerarsa, ya tsira da guduma ɗaya, yana zaune a High Walls, unguwar 'yan gudun hijira a birnin Sharn na ƙasar Breland. Da waɗannan jimloli kaɗai na samu abin faɗa ranar da mai jan ragama ya sa wani tsohon sojan Karrnath ya kawo takobi a gyara masa, domin na san maƙerin zai karɓi aikin saboda yana bukatar kuɗi, kuma ba zai ɗaga kai ya dubi mutumin ba. A nan ake gane wanda bai amfana da littafin ba: yana iya lissafa ƙasashe goma sha biyun, amma idan aka zaunar da tsohon abokin gaba a gabansa sai ya rasa ta cewa.

Batun abubuwan bauta shi ne na shiga da taka-tsantsan, kasancewata Musulmi, kuma na karanta sashen da kyau kafin na amince in zauna. A wasu duniyoyin wannan wasa ana nuna allolin ƙage suna saukowa suna magana da mutane. A Eberron kuwa ba sa bayyana, kuma littafin bai tabbatar da samuwarsu ba, abin da yake bayani shi ne yadda mutanen labarin suka yi imani. Mafi yawansu suna bin wasu sarakunan sama guda tara, suna tsoron wasu shida da aka kora daga cikinsu. Maƙeri yana ganin hannun Onatar a aikinsa, manomi yana gode wa Arawai, soja kuma yana tsakanin Dol Arrah mai mutunci da Dol Dorn mai ƙarfin damtse. Mutanen Thrane suna bin Harshen Wuta na Azurfa, wanda jagorarsa Jaela Daran yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya. Ikon malamin bauta a wasan yana fitowa ne daga ƙarfin imaninsa, shi ya sa ake iya samun azzalumi a cikin addinin da ke koyar da tausayi ba tare da ikonsa ya gushe ba.

Wannan tsari ya ba ni damar ɗaukar sashen a matsayin bayanin al'adun mutanen ƙage, na kuma bar maƙerina ba ya bin kowa tun bayan hallakar ƙasarsa. Da na gaya wa mai jan ragama cewa ba zan furta addu'a ga wani abin bauta ba ko da cikin wasa, sai ya karɓa nan take, domin babu wata doka da ta tilasta hakan.

Inda nake ganin littafin ya gaza shi ne gajartar shafukan tana iya mayar da al'umma guda ta zama hali ɗaya, a ce mutanen Aundair masu alfahari da sihiri ne, na Karrnath masu tsanani. Wanda ya taɓa zama baƙo, aka auna shi da labari ɗaya da aka ji game da ƙasarsa, yana saurin lura da haka. A teburinmu mun magance shi ta hanyar sa kowa ya faɗi abu ɗaya da mutuminsa ya saɓa da mutanen ƙasarsa a kai, kuma matar da ke taka rawar jarumar Thrane ta ce tata jarumar tana ganin ya kamata a mayar wa Aundair birnin Thaliost.