Riba biyu a takarda ɗaya: yadda na yi wa kawuna bayanin lissafin shagonsa

Kawuna yana da shagon kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Maradi, inda yake sayar da shinkafa, sukari, man girki, taliya da sabulu. Da ya nemi rance, sai aka buƙaci takardar lissafin riba da asara ta shekara, wani akanta ya rubuta masa ita da Faransanci, ni kuma na mayar da ita Hausa. Kuskuren da na yi shi ne na rubuta kalmar "riba" a layi biyu daban ba tare da na bambanta su ba. Idon Kawu ya faɗa kan na sama, sefa 2,700,000, ya ce: "Ɗana, in wannan ce ribata, ina kuɗin suke?"

Sai na sake fassarar. Layin sama na kira shi "ribar kaya", na ƙasa "tsantsar riba", abin da ke tsakaninsu kuma "ɗawainiyar shago", sannan muka zauna bayan la'asar muka bi takardar daga sama.

Cinikin shekara ya kai 18,000,000. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne kuɗin kayan da aka sayar, domin Kawu ya san ya saro kaya na 16,100,000, amma takarda ta nuna 15,300,000, har ya zaci akanta ya ɓata lissafi. Na ce masa: "Kawu, buhun da ke jingine a bayanku ba a sayar da shi ba tukuna, don haka ba a cire kuɗinsa daga cinikin bana." Ya shiga shekara da kaya na 2,000,000, ya ƙara sari na 16,100,000, ya fita da kaya na 2,800,000 a shago. Idan aka haɗa biyun farko aka cire na ƙarshe, 15,300,000 ne ya fita ta ƙofa, kuma shi ake cirewa daga ciniki a samu ribar kaya. A ganina duk wanda bai ƙirga hajarsa a ƙarshen shekara ba, wannan layi nasa kintace ne kawai, kuma duk abin da ke ƙasa da shi ya gurɓata.

Miliyoyin ba su zauna masa ba sai da na koma lissafin kasuwa. Na ɗora jaka ɗaya, wato sefa dubu ko dala ɗari biyu, a kan teburi na ce a duk jakar da ta shigo, dala ɗari da saba'in na mai kaya ne, dala talatin kaɗai ta rage. Nan ya gyara zama.

Daga dala talatin ɗin ne ɗawainiyar shago take cin rabonta, wato kuɗin da ake kashewa don shago ya buɗe kowace safiya: haya 360,000, albashin yaron shago 300,000, dako da mota 420,000, lantarki 180,000, haraji 150,000, leda da katin waya 90,000. Jimilla 1,500,000. Dakon ne ya ba shi mamaki, saboda sefa ɗari biyu ko ɗari uku yake miƙa wa mai amalanke ko ɗan kabu-kabu, bai taɓa tunanin tarinsu ya wuce hayar shago ba. Bayan an cire wannan, tsantsar riba ta tsaya 1,200,000, wato jaka ɗari a wata, ko kusan dala goma sha uku a kowace jaka. Na nuna masa cewa ragin dala goma da yake yi wa abokin ciniki a kan kayan jaka ɗaya ya kusa cinye abin da zai rage masa.

Duk da haka tambayarsa ta farko tana nan, domin ko 1,200,000 ɗin babu su a aljihun teburi. Na koyi cewa wannan takarda ba ta amsa wannan tambaya, sai an leƙa wajenta. Kayan shago sun ƙaru da 800,000, ribar ta koma buhuna da kwalaye. Kuɗin cefane da yake ɗauka kullum, kusan 2,500, ya tasam ma 900,000 a shekara, kuma ba ya cikin ɗawainiyar shago, tunda rabon mai shago ne da yake ɗiba daga ribarsa. Haɗe sun kai 1,700,000, sun zarce ribar da kusan 500,000.

Kawu ya yi shiru, ya jawo littafinsa na bashi ya buɗa shafin babban ɗan kasuwar da ke ba shi shinkafa. Bashin da ake binsa ya ƙaru da kusan wannan adadi a cikin shekarar. Ya ce in rubuta masa layi ukun nan, ribar kaya, ɗawainiyar shago da tsantsar riba, a bangon littafin da manyan baƙaƙe, kuma daga ranar ya fara rubuta kuɗin cefane a shafi na daban, tare da kuɗin dako komai ƙanƙantarsa.