Abin da sari ya koya mini game da riba da bashi

Shekara tara ina sayar da sabulu da kayan wanki ɗai-ɗai kafin in koma sari. A kanti lissafina ba wuya: abin da na saro a kan 80 ina sayar da shi 100, mai saye ya biya nan take ya tafi. Da na koma sayar wa masu kantuna katan-katan, sai ya zama abin da na sayar a kan 100 na saro shi ne a kan 95. Riba ta sauko daga kashi 20 zuwa kashi 5 na ciniki. Wannan bai ba ni tsoro ba, don na san yawan kayan da ke fita zai cike gurbin. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda ƙaramar riba ba ta jure kuskure.

A kanti, idan kaya ɗaya ya lalace ko wani ya ci bashi ya gudu, ribar kaya 4 ta isa ta mayar da uwar kuɗin. A sari, katan ɗaya da ya salwanta sai na sayar da katan 19 kafin in dawo inda nake. Wani mai kanti ya taɓa karɓar katan 100 a wurina, ya rufe shago ba labari. Ribar katan 1,900 ke nan ta bi shi, kusan cinikin kwana 38 a lokacin da nake fitar da katan 50 kullum. Haka ragi yake. Mai saye zai ce a rage masa kashi 2 kacal, kai ma ka ga ba komai ba ne, alhali biyu cikin biyar na ribarka ka miƙa masa, tun ba a cire kuɗin mota da na 'yan dako da hayar sito ba.

Amma abin da ya kusa durƙusar da ni wa'adin biya ne. Kamfanin da nake saro kaya ya ba ni kwana 7. Kayan kan yi kamar kwana 10 a sito kafin su fita. Masu kantuna kuma na ba su mako biyu, sai dai a aikace mafi yawansu sai ranar 21 suke cikawa. Ka haɗa 10 da 21, ka cire 7 ɗin da kamfani ya ɗaga mini, saura kwana 24 da nake ɗauke da nauyin kayan da aljihuna. Katan 50 sau 24, kuɗin katan 1,200 ke nan da dole su kasance a jarina kullum, ba na taɓa su. Da ciniki ya ƙaru zuwa katan 80 a rana na yi murna, ashe buƙatar jarin ta haura zuwa kuɗin katan 1,920. Littafi yana nuna riba, asusu kuwa babu abin da zan biya lodin gobe. Sau biyu na makara wajen biyan kamfani, suka janye kwana 7 ɗin, suka ce sai kuɗi hannu. Laifina ne, kuma ya yi mini ciwo.

Daga nan na raba littafin bashi gida uku: wanda wa'adinsa bai cika ba, wanda ya wuce da mako ɗaya, da wanda ya haura haka. Duk ranar Asabar nake zama a kansa ni kaɗai. Sabon mai saye sai ya yi ciniki uku kuɗi hannu kafin in buɗe masa shafi, kuma iyakar bashinsa ba ta wuce abin da na ga yana iya sayarwa cikin mako biyu. Wanda bai biya na baya ba, ba ya ɗaukar sabo, ko da mun shekara goma tare. Wannan doka ce ta fi yi mini nauyi a baki, domin wasunsu abokaina ne tun ina kanti.

Alamar mai shirin nutsewa kuwa na gane ta: yana fara biyan rabi-rabi, sannan ya nemi kaya fiye da yadda ya saba. Galibi kayanka yake karyarwa ya biya wani da ya fi ka matsa masa. Da zarar na ga haka sai in je kantin da ƙafata in duba kanta. Idan katan ɗina sun ƙare kuma kuɗin ba su zo ba, a ranar nake tsayar da shafinsa, mu zauna mu tsara yadda zai riƙa biya duk mako.