Yadda nake ajiye zallar maƙala ba tare da tarkacen shafi ba

Makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye inda sabis ba ya zama sai ka hau tudun bayan masallaci ka ɗaga waya sama. Don haka duk abin da zan karanta a mako, ranar Asabar nake tara shi idan na shigo gari, in zuba a kwamfuta in koma da shi. Darasin aikin gona nake koyarwa, yawancin abin da nake nema maƙaloli ne kan taki da iri da adana amfanin gona.

Da farko `Ctrl+S` kawai nake dannawa. Burauza sai ta ba ni fayil ɗaya tare da wata folda mai suna irin nasa, cike da ƙananan fayiloli da ban san amfaninsu ba. Ranar da na kwafe fayil ɗin a filas na manta da foldar, shafin ya buɗe a wargaje, hotuna babu, jerin maɓallan sama ya zubo ƙasa layi-layi, sai da na gangara sosai kafin na iske farkon rubutun. Na koma `Ctrl+P` ina mayar da shafi PDF. Wannan ya fi, amma wata maƙala kan adana wake a buhu mai ninki uku ta fito shafi 14. Shafin farko duk jerin sassan gidan ne, tallan waya ya raba wani sakin layi gida biyu, akwatin neman izinin kukis kuma ya zauna daram a kan rubutu a gindin kowane shafi. Da na kai wa mai firinta a bakin tasha ya ƙirga, sai ya ce, "Malam, duka za a buga? Rabi fa talla ce." Ni ne zan biya kuɗin kowace takarda, sai na ce ya dakata.

Ƙanena ne ya nuna mini ɗan hoton takarda da ke fitowa a gefen adireshi a Firefox. Sunansa Reader View, a Windows maɓallin `F9` ke kunna shi. Da na danna, shafin ya tuɓe komai, ya rage take da sunan marubuci da rubutu da hotunan da ke cikinsa. Daga nan na danna `Ctrl+P`, na zaɓi `Save to PDF`, maƙalar waken ta dawo shafi 4. Na yi murna, na buga, na koma ƙauye.

Ranar Talata ina gaban aji ina karanta musu, na zo inda marubucin ya ce a duba jadawalin da ke ƙasa don kwatanta hanyoyin adanawa. Na duba ƙasa, babu jadawali, sakin layi na gaba ne kawai ya biyo. Jadawalin nan kuwa shi na yi niyyar kwafa a allo. Wani yaro a layin gaba ya ce, "Malam, ko takarda ɗaya ta faɗi?" Babu wadda ta faɗi, lambobin shafi a jere suke. Haka na lallaɓa darasin da baki, sai Asabar ta zagayo na samu damar bin diddigi.

Abin da na gano shi ne yanayin karatun nan ba ya sanin inda maƙala take, kintace yake yi. A Firefox wata manhaja ce mai suna Readability ke aikin, wadda kamfanin Arc90 ya fara fitarwa a 2009, daga baya Mozilla ta ɗauka ta ci gaba da gyara ta. Tana bin sakin layukan shafi ɗaya bayan ɗaya tana ba su maki. Wanda bai kai harafi 25 ba, ba ta ma ƙirga shi. Sauran kuwa kowanne yana samun maki ɗaya, a ƙara masa gwargwadon yawan waƙafin da ke ciki, a kuma ƙara maki ɗaya kan kowane harafi 100 har zuwa maki uku. Makin yana tafiya ne ga akwatin da ke ɗauke da sakin layin. Sannan a rage wa akwati maki idan yawancin rubutunsa mahaɗai ne da ake latsawa, wanda shi ne halin jerin sassa da "labarai masu alaƙa". Hatta sunan da mai gina shafi ya ba akwati ana dubawa: mai ɗauke da `sidebar` ko `comment` ko `footer` ya yi asara, mai `article` ko `content` ya ci riba. Akwatin da ya fi maki shi ake ɗauka a matsayin maƙala, a zubar da saura.

Da na fahimci haka sai abubuwa da dama suka warware mini. Dogon zube mai waƙafi da yawa yana tsira lafiya lau. Abin da ke shiga haɗari shi ne gajere: baitocin waƙa, jerin kayan haɗi, bayanin ƙasan hoto, akwatin gargaɗi da aka ajiye a gefe. Na taɓa gwada shi a shafin wata rubutacciyar waƙa, ɗan hoton takardar ma bai fito ba, domin babu dogon sakin layin da zai sa burauza ta ɗauka akwai abin karantawa. Jadawalina kuwa matsalarsa daban ce. Ba a cikin shafin aka rubuta shi ba, daga wani gidan aka jawo shi ta cikin tagar da ake kira `iframe`. Talla ma sau da yawa ta irin wannan taga take shigowa, shi ya sa manhajar ke cire su gaba ɗaya, ban da na bidiyo daga wasu sanannun gidaje. Ita ba ta bambance jadawalin wake da tallan waya ba, kuma ban ga laifinta sosai ba. Laifin nawa ne da ban kwatanta ba kafin na bar gari.

Don in ceto jadawalin sai na bi ta wata hanya. Na buɗe shafin yadda yake, na gangara a hankali har ƙarshe. Wannan gangarawar ba ɓata lokaci ba ce, domin shafuka da yawa ba sa ɗauko hoto sai ka iso kusa da shi, idan ka ajiye kafin nan sai ka tarar da farin fili a gurbinsa. A hanya na danna maɓallin "ci gaba da karantawa" da ke ɓoye rabin rubutu. Sannan na ɗora linzami a kan sakin layin farko, na danna ɓangaren dama, na zaɓi `Inspect`. A tagar da ta buɗe na bi layuka sama ɗaya-ɗaya, kowanne na taɓa sai yankinsa ya haskaka a shafi, har na kai layin da ya haskaka maƙalar duka daga take zuwa ƙarshe ba tare da gefe ba. A wannan shafin `article` ne. Sai na shiga sashen `Console` na wannan tagar na rubuta:

```js
document.body.innerHTML = document.querySelector('article').outerHTML;
```

Ma'anarsa a share jikin shafin duka, a mayar da akwatin maƙala kaɗai. Wannan a kwamfutarka kawai yake faruwa, da ka sabunta shafi komai zai dawo. Idan liƙawa za ka yi maimakon rubutawa, Firefox zai sa ka fara rubuta `allow pasting`, kuma gargaɗin nasa gaskiya ne, kada ka liƙa abin da ba ka fahimta ba a wurin. Tallace-tallace biyu da aka cusa a tsakiyar rubutu sun saura, na yi musu `Inspect` na zaɓi `Delete Node`. Na jira jadawalin ya sake lodi, tunda daga waje yake zuwa, sannan `Ctrl+P`. Shafi 5, da jadawali a cike.

Layin nan yana da tarko ɗaya. `querySelector` na farko da ya tarar yake ɗauka, wasu gidajen kuma kowane ɗan katin labari da ke sama `article` suke kiran shi. Idan ka ga shafi ya koma take ɗaya da ƙaramin hoto, abin da ya faru ke nan. Sabunta shafi, ka duba sunan akwatin na gaskiya da `Inspect`. Idan kuwa ba ka son taɓa waɗannan tagogi sam, haskaka rubutun da linzami daga farko zuwa ƙarshe, a tagar bugawa ka buɗe `More settings` ka zaɓi `Selection`. A Chrome `Selection only` aka rubuta. Ga maƙala marar rikici wannan ya wadatar.

Akwai lokacin da na yi wayo da yawa. Na ce PDF yana da nauyi kuma ba ya daɗin karatu a waya, bari in kwafe akwatin maƙalar in zuba a fayil in sa masa `.html`. Maƙalar ta Hausa ce. Da na buɗe a ƙauye, "ƙasa" ta zama "Æ™asa", "ɗaki" ya zama "É—aki". Haruffanmu masu lanƙwasa kowanne da lambobi biyu ake ajiye shi a tsarin UTF-8, layin da ke gaya wa burauza haka kuma a sashen kai na shafi yake, ni kuwa jiki kawai na kwafo. Sai ta karanta kowace lamba a matsayin harafi mai zaman kansa. Rubutun bai lalace ba, layi ɗaya na ƙara a saman fayil ɗin komai ya daidaita:

```html
<meta charset="utf-8">
```

Hotuna dai ba su zo ba, domin fayil ɗin adireshinsu kawai ya riƙe, su suna can intanet. Tun daga nan rubutu zalla kaɗai nake ajiyewa haka, duk mai hoto ko jadawali PDF nake yi masa.

Ƙanena yakan ce, "Yaya, kana wahalar da kanka, ga manhajojin da ke yin wannan da dannawa ɗaya." Na yi amfani da Pocket na wani lokaci, kuma ta yi mini aiki. A watan Yulin 2025 Mozilla ta rufe ta, aka ba mutane wa'adin kwashe kayansu. Abin da na kwaso jerin take da adireshi ne, ba rubutun ba, wasu shafukan kuma sun riga sun mutu. Abin da ya rage mini daga shekarun nan shi ne waɗanda na mayar fayil da hannuna.

Yanzu ranar Asabar da `F9` nake farawa, tunda yawancin maƙaloli yana fitar da su daidai. Amma kafin in rufe shafi sai na jera PDF ɗin da asalin gefe da gefe, in duba jimlar ƙarshe ko ɗaya ce, in ƙirga hotuna da jadawalai, in nemi duk inda marubuci ya ce "duba ƙasa" in tabbatar akwai abu a ƙasan. Nakan bar `Print headers and footers` a kunne don kwanan wata da adireshi su fito a bakin takarda, ko da yake dogon adireshi yakan yanke, shi ya sa nake sa sunan gidan da kwanan wata a sunan fayil. Daga ƙarshe in kashe data, in buɗe fayil ɗin sau ɗaya. Idan ya buɗe cikakke ba sabis, sannan in kwafa a filas in nufi tasha.