Albashi ɗaya, adadi uku: abin da na koya a lissafin gidan burodi

Albashin ma'aikaci ɗaya yana da adadi uku, kuma yawancin rigimar ƙarshen wata da na gani a ƙananan wuraren aiki a Damagaram daga nan take tasowa. Akwai abin da aka rubuta a yarjejeniya, akwai abin da ma'aikaci yake sawa aljihu, akwai kuma abin da yake fita daga asusun mai gida. Na koyi haka ne ina riƙe wa wani gidan burodi lissafi a wajajen Kasuwar Dole, ma'aikata ba su kai goma ba. Mai gidan mutumin kirki ne, amma shi a wajensa in ya ce jika 140, ya gama magana.

Bari in ɗauki babban mai gashi, da alƙaluman da muka yi aiki da su a 2024. Albashinsa sefa 120,000, da ƙarin 20,000 na aikin dare, jimla 140,000. Ƴaƴansa uku, duk ƙanana.

Abin da ake fara cirewa shi ne kason CNSS, asusun da ke biyan fansho idan mutum ya kai shekara 60. Ma'aikaci yana ba da 5.25 cikin 100, wato 7,350 a nan, kuma a kan duka 140,000 ake lissafa shi, ba a kan 120,000 kaɗai ba. Wasu masu gida sukan bayyana ƙaramin albashi su miƙa sauran a hannu, ma'aikaci ma ya ji daɗi don an rage masa yanka. Sai ranar da ya je neman fansho zai gane ciniki ne na asara, domin da albashin da aka bayyana ake auna abin da zai karɓa. Albashin da ake lissafa kason a kansa yana da iyaka a 500,000 a wata, amma a gidan burodi babu mai leƙa wannan wurin.

Harajin albashi, wanda takardu ke kira ITS, shi ne wurin da ake buƙatar natsuwa, don ba a kan 140,000 ake ɗora shi ba. Da farko a cire kason CNSS, saura 132,650. Sai a cire 10 cikin 100 da doka ta yafe saboda ɗawainiyar zuwa aiki, saura 119,385. Sannan rangwamen iyali: mai mutum uku a wuyansa ana rage masa 12 cikin 100, abin ya sauko 105,059, a zubar da ƴan canji a tsaya a 105,000. Rangwamen nan da takarda ake samunsa. Sai da na sa kowa ya kawo takardun haihuwar ƴaƴansa na ajiye kwafi, don ranar da ma'aikatan haraji suka zo bincike ba za su karɓi "ai duk unguwa an san ƴaƴansa ne" ba.

To, 105,000 ɗin ma ba a buga mata kaso ɗaya. Hawa-hawa ake bi. Sefa 25,000 na farko suna biyan 1 cikin 100, wato 250. Na biyu, har zuwa 50,000, suna biyan 2 cikin 100, wato 500. Daga nan zuwa 100,000 ana cire 6 cikin 100, ya ba da 3,000. Ragowar 5,000 da suka haura ne kaɗai ke biyan 13 cikin 100, wato 650. Duka harajin 4,400 ke nan. Na taɓa ganin takardar wani wuri inda aka duba jadawali, aka ga 13, aka buga ta a kan kuɗin gaba ɗaya. A misalinmu hakan zai ba da 13,650, an ci wa mutum 9,250 kowane wata ba gaira ba dalili. Alamar wannan kuskure a fili take: in aka ƙara wa ma'aikaci jika biyu sai abin da ya karɓa ya ragu, lissafin ya karkace, domin a tsarin hawa-hawa ƙarin albashi ba ya mayar da mutum baya.

Mai gashi zai tafi gida da 128,250. Shi kuwa mai gida bai gama ba, don akwai nasa kason na CNSS, 16.4 cikin 100, wanda ba a taɓa albashin ma'aikaci a kansa: 6.25 na fansho, 8.4 na kuɗin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, abin da bai kamata mai tanda da injin kwaɓi ya yi wasa da shi ba. A nan 22,960 ne. Ma'aikacin jika 140 yana cin wa gidan 162,960 ke nan, kafin a haɗa ɗan abin da ake biya wa hukumar samar da aikin yi, ANPE.

Saboda haka duk lokacin da za a ɗauki sabon mutum nakan tsayar da mai gida tun kafin a yi musafaha: "Alhaji, jika 140 ɗin nan, a takarda ne ko a hannu?" Idan a hannu aka yi alkawari, dole albashin takarda ya kai kusan 154,000, abin da zai fita daga asusu kuma ya haura 179,000. Ranar da na fara nuna masa haka ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, ashe ni ma ma'aikacin gwamnati ne ban sani ba."

Abin da ya fi ba ni wahala ba lissafi ba ne, riƙon kuɗin ne. Harajin wata ana kai shi kafin 15 ga watan da ke biye, don haka ba ya daɗewa a hannu. Amma mai ma'aikata ƙasa da 20, duk wata uku yake biyan CNSS. Na mai gashi kaɗai, kasonsa da na mai gida 30,310 ne a wata, 90,930 a wata uku. Kuɗin suna zaune a aljihun tebur, fulawa ta yi tsada, janareto ya lalace lokacin zafi, sai hannu ya kai. Ran biya a tarar babu, tarar jinkiri ta hau. Alhali 7,350 ɗin amana ce, an riga an rubuta wa ma'aikaci cewa an cire masa. Maganin da ya yi mana aiki shi ne ware kuɗin a asusu daban a ranar da aka biya albashi, kafin a sayi ko buhu ɗaya.

Takardar albashi kuwa ba ta da wuya: sunan gida da lambarsa ta CNSS, sunan ma'aikaci da tasa lambar, aikinsa, watan da ake biya, kowane kuɗi a layinsa, kowane yanka a layinsa, sai abin da ya rage. Kwafi biyu, ɗaya nasa. Abu guda nake dagewa a kai: bashin da ma'aikaci ya ci a tsakiyar wata, wanda gab da Sallah kusan kowa yana ci, a can ƙasa ake cire shi, bayan CNSS da haraji. In mai gashi ya karɓi 30,000, za a ƙirga masa 98,250, amma abin da za a bayyana yana nan 140,000. Jadawalin haraji kuma nakan sake duba shi duk Janairu, don dokar kasafin kuɗi tana iya taɓa shi, kamar yadda mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, muka gyara layin yaran da ke kai burodi shaguna.